Baikabonet ɗin da ke kan takardar gwajin iskar jini, na'ura ba ta auna shi ba, lissafi ne

Duk wanda ya taɓa aiki a sashen gaggawa ko ɗakin masu tsananin ciwo ya san 'yar siririyar takardar nan da na'urar gwajin iskar jini take fitarwa, wadda ake cewa ABG. Za ka ga pH a sama, ma'aunin asid ɗin jini, sai PCO2 na iskar kabon dayoksaid, sai PO2 na oksijin, sannan can ƙasa HCO3- wato baikabonet, da wasu lambobi bila adadin. Yawancinmu idan muka karɓi takardar duk lambobin ɗaya muke ɗaukarsu, kamar kowacce an tsoma wani abu a cikin jinin an auno ta. To ba haka bane fa. A ɓangaren iska da asid abu uku kacal na'urar take aunawa da kanta, pH da PCO2 da PO2. Baikabonet kuwa lissafo shi take yi daga biyun farko. In a kotu ne sai mu ce pH da PCO2 ganau ne, shi kuma baikabonet jiyau ne, abin da waɗancan biyun suka faɗa masa shi yake maimaitawa, in sun yi gaskiya ya yi gaskiya, in ɗaya ya kauce shi ma ya kauce. Wasu na'urorin ma suna raba takardar gida biyu, Measured a sama Calculated a ƙasa, amma da wuya ka ga wanda ya tsaya karanta wannan.

Bari mu fara da elektirod ɗin pH tunda komai a kansa ya ginu. Wani ɗan siririn gilashi ne na musamman, a cikinsa akwai ruwa wanda aka san pH ɗinsa kuma ba ya canzawa, da waya ta azurfa da aka lulluɓe da kuloraid. Jinin yana wucewa ta bayan gilashin. Shi wannan gilashi idan ya jiƙe fuskarsa takan zama kamar wani ɗan laushi-laushi da ke musayar ƙwayoyin haidirojin da ruwan da ya taɓa shi, to tunda yawan haidirojin na ciki daban na waje daban sai a samu bambancin ƙarfin lantarki tsakanin ɓangarorin biyu, wannan bambanci shi na'ura take karantawa. Ba wai haidirojin ne yake ratsa gilashin ya shige ciki ba kamar yanda wasu suke zato, a fuska da fuska abin yake faruwa. An daɗe da sanin wannan, tun 1906 Max Cremer ya lura da shi, a 1909 Fritz Haber da Klemensiewicz suka yi aiki a kai sosai, a shekarar kuma Sørensen ya fito da ma'aunin pH ɗin kansa.

Amma ƙarfin lantarki ba a auna shi da ƙafa ɗaya, dole sai da abokin kwatance, shi ya sa akwai elektirod na biyu wanda aikinsa kawai ya tsaya cak kada ya motsa, yana haɗuwa da jinin ta wata 'yar gada ta ruwan gishirin fotasiyom kuloraid mai kauri. Matsala da yawa da ake ɗora wa gilashi a wannan gadar take, in ta toshe da furotin ko ɗan gudan jini sai ka ga pH yana ta yawo ya ƙi tsayawa.

Abin da nake so a riƙe a nan shi ne ƙanƙantar siginar. A zafin jiki, digiri 37, idan pH ya canza da maki ɗaya cif, lantarkin yana canzawa ne da milibolt 61.5 kawai. Kuma ka tuna pH ɗin jinin da ɗan Adam zai iya rayuwa da shi kusan tsakanin 6.8 ne da 7.8, wato maki ɗayan nan kenan. Lafiyayye kuwa 7.35 zuwa 7.45, tazarar da ba ta wuce milibolt 6 ba. Lamba ta biyu bayan ɗigo, 0.01, ita kuma kusan milibolt 0.6 ce. Kaga dalilin da ya sa na'urar take ta saita kanta ba dare ba rana, tana zuƙar ruwa biyu da aka san pH ɗinsu, ɗaya wajen 6.84 ɗaya wajen 7.38, ta duba ko har yanzu tana kan layi. Kuma dalilin da ya sa ɗakin awon dole ya zauna a 37 daram, don ita kanta 61.5 ɗin da zafi take tafiya, jinin ma pH ɗinsa yana hawa da kusan 0.015 a duk digiri ɗaya da ya huce.

Yanzu PCO2, wanda a ganina shi ne mafi daɗin fahimta a cikin ukun. Kafin a samu elektirod ɗinsa auna kabon dayoksaid a jini aiki ne ja. A annobar shan inna ta Copenhagen a 1952, lokacin da majinyata ke mutuwa saboda numfashinsu ya gaza, awon da ake da shi yana nuna jimillar kabon dayoksaid ta yi yawa a jininsu, sai aka riƙa fassara shi da cewa jinin ya yi alkalin, har sai da Bjørn Ibsen ya ce a'a, iskar ce ta taru don ba sa iya fitar da ita, Poul Astrup kuma ya auna pH ya tabbatar jinin asid ne. Wato tun daga tushe rikicin wannan fanni shi ne karanta baikabonet shi kaɗai ba tare da pH ba. A 1954 Richard Stow a Amurka ya fito da dabarar elektirod ɗin, John Severinghaus ya gyara ta, a 1958 shi da Freeman Bradley suka wallafa tsarin da har yau ake binsa.

Dabarar ita ce, ɗauko elektirod ɗin pH ɗin nan dai da muka gama bayani, ka shafa masa ɗan siririn ruwa mai sodiyom baikabonet a fuska, sannan ka rufe da tantani na tefulon ko silikon. Tantanin yana barin iska ta wuce amma ba ya barin ƙwayoyi masu caji, saboda haka haidirojin ɗin jini da baikabonet ɗin jini duk a waje suke tsayawa, kabon dayoksaid kaɗai ke shiga. Da ta shiga sai ta haɗu da ruwa ta zama asid mai rauni, pH ɗin ɗan ruwan nan ya sauka, gilashi ya karanta.

CO2 + H2O ⇌ H2CO3 ⇌ H+ + HCO3-

Stow da ruwa zalla ya yi nasa, shi ya sa yake ta zamewa. Gyaran Severinghaus shi ne zuba baikabonet ɗin, don idan ya riga ya yi yawa a cikin ruwan to ɗan abin da iskar za ta ƙara ba ya canza shi, ya zama tsayayye, sai pH ya koma yana bin PCO2 kaɗai, siginar ma ta ninka biyu. In PCO2 ya ninka goma pH ɗin ciki ya sauka da maki ɗaya, in ya ninka biyu, misali daga 40 zuwa 80, ya sauka da 0.30, kusan milibolt 18. Ka lura da kyau, a cikin elektirod an san baikabonet, an auna pH, sai a fitar da PCO2. A jinin majinyaci kuma an auna pH, an samu PCO2, sai a fitar da baikabonet. Lissafi ɗaya ne ake juya shi gaba da baya. Kuma tunda sai iskar ta ratsa tantani ta daidaita, wannan elektirod ya fi na pH nawa, idan tantanin ya tsufa ko furotin ya lulluɓe shi nawar takan ƙaru, in kuma ya huje jini ya taɓa ruwan ciki to karatun ya tashi daga aiki gaba ɗaya.

Na oksijin ba zan daɗe a kansa ba don ba ya shiga lissafin baikabonet. Leland Clark ne ya fito da shi, ya bayyana shi a 1956, kuma aikinsa daban yake da waɗancan, su ƙarfin lantarki suke karantawa shi kuma kwararar lantarki. Siririyar wayar filatinom ce da wata ta azurfa a bayan tantani, a sa musu kusan bolt 0.6, duk oksijin da ya ratso ya iso filatinom sai ya karɓi elektiron huɗu ya ƙare, yawan lantarkin da ya gudana shi ne yawan oksijin.

O2 + 2H2O + 4e- → 4OH-

Abu ɗaya da ya kamata a sani a nan, oksijin da ya narke a ruwan jini yake gani, ba wanda himogulobin ya ɗauka ba. In na'urar ba ta da ɓangaren da ke auna himogulobin da haske, to sO2 ɗin da ta rubuta, wato kason himogulobin da ke ɗauke da oksijin, shi ma lissafi ne. Mu da ake kawo mana mutanen da hayaƙin janareta ya bugar a ɗaki a rufe wannan ba ƙaramin abu bane, PO2 zai fito lafiya lau, sO2 na lissafi ya ce 98, alhali kabon monoksaid ya mamaye himogulobin ɗin. Sababbin na'urori da yawa yanzu da katirij suke aiki, wasu ma da haske suke awon maimakon waya, amma abin da ake aunawa da abin da ake lissafawa bai canza ba.

To mu zo kan lissafin kansa. Lawrence Henderson ne ya rubuta alaƙar a 1908, Karl Hasselbalch ya mayar da ita tsarin pH bayan wasu shekaru, shi ya sa take ɗauke da sunansu su biyu.

pH = 6.1 + log ( HCO3- / (0.03 × PCO2) )

Lambobi biyu ne a ciki da na'ura ba ta auna ba, ɗauka kawai ta yi. Ita 0.03, ko 0.0307 in ana son cikakkiya, tana faɗa maka yawan kabon dayoksaid da ke narkewa a lita ɗaya ta ruwan jini a kan kowane mmHg ɗaya a digiri 37. In na'urarku da kPa take rubutu to lambar 0.23 ce, kuma wallahi wannan kaɗai ya sha rikita ɗalibai, mutum ya ga PCO2 5.3 ya ɗauka majinyaci na gab da mutuwa alhali 40 ce a ɗaya ma'aunin. Ita kuma 6.1 lambar da ke nuna ƙarfin wannan asid ɗin ce a cikin ruwan jini. Idan aka juya lissafin don a ware baikabonet sai ya zama haka:

HCO3- = 0.03 × PCO2 × 10^(pH − 6.1)

Gwada da lafiyayye. PCO2 40 sau 0.03 ya ba ka 1.2, wannan shi ne narkakkiyar iskar. pH 7.40 ka cire 6.1 saura 1.3, 10^1.3 kusan 20 ne. 1.2 sau 20, 24. Shikenan inda 24 ɗin da aka haddace ta fito, kuma ma'anarta ita ce a lafiyayyen jini baikabonet ya ninka narkakkiyar iska sau 20, pH wannan rabon yake bi ba yawan kowannensu ba. Huhu na riƙe da ƙasan rabon yana iya juya shi cikin mintoci, ƙoda na riƙe da saman ita kuma sai ta ɗauki kwanaki.

A ɗauka an kawo matashi mai ciwon suga wanda ya kwana biyu bai samu insulin ba, yana amai, bakinsa ya bushe ƙamas, yana wani irin numfashi mai zurfi da sauri kamar wanda ya yi gudu alhali a kwance yake, in ka matsa kusa kana jin wani ƙamshi-ƙamshi kamar na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. An ɗebi jini a jijiya mai harbawa ta wuyan hannu, takarda ta fito pH 7.10, PCO2 20. Kafin ka kalli ƙasan takardar kai ma za ka iya, 20 sau 0.03 shi ne 0.6, 7.10 a cire 6.1 saura 1.0, 10^1.0 kuma goma ne, 0.6 sau goma ya ba ka 6. Baikabonet 6, asid ɗin kiton ya cinye sauran. Numfashin nan da yake yi ƙoƙarin huhu ne na rage ƙasan rabon. Akwai ƙa'idar Winters da ke faɗin inda ya kamata PCO2 ya kai idan huhu na yin aikinsa yanda ya dace:

PCO2 = 1.5 × HCO3- + 8 (± 2)

Da baikabonet 6 amsar 17 ce, wato tsakanin 15 da 19. Namu 20 ne, ya ɗan haura kaɗan, ba abin tayar da hankali bane amma abin sa ido ne. Yanzu a ce bayan awa biyu yaron ya gaji, ko an ba shi wani magani mai sa barci, numfashin ya lafa, 'yan uwa har suna cewa alhamdulillahi ya samu sauƙi. A sake gwaji a ga PCO2 30, pH 6.92. Lissafa, 0.9 sau 10^0.82, kusan 6 dai. Baikabonet bai motsa ba ko kaɗan. Wanda shi kaɗai yake bi zai rubuta babu canji, alhali yaron ya fi ɗazu shiga haɗari nesa ba kusa ba, kuma PCO2 30 ɗin da a wani mutum za a ce ya yi ƙasa, a nan ya yi yawa matuƙa.

Akwai hanya mai sauƙi ta bincika lambobi a ka, musamman in an karanto maka su ta waya ko an kwafe su da hannu a fayil. H+ = 24 × PCO2 / HCO3-. A pH 7.40 haidirojin 40 ne, a 7.30 50, a 7.20 63, a 7.10 kusan 80, a 7.00 100. Na yaron nan, 24 sau 20 a raba da 6, 80, ya dace da 7.10. Amma a gane iyakar wannan binciken, in duka lambobin uku daga takarda ɗaya suka fito to dole su dace, ai daga biyun aka haifi na ukun, dacewarsu ba ta nuna jinin an ɗebe shi daidai ko elektirod na da lafiya. Kuskuren kwafi kawai yake kamawa. In kana son shaida ta daban sai ka kwatanta da baikabonet na gwajin gishirin jini da lab ke yi, wanda shi awo ne na gaske ta wata hanyar, galibi jimillar kabon dayoksaid ce a jinin jijiya ta yau da kullum, saboda haka yakan ɗara na ABG da 1 zuwa 3. In tazarar ta wuce haka sosai kuma lokaci ɗaya aka ɗebi jinin, ɗaya daga cikinsu na da matsala, a nemo ta kafin a yi magani a kai. Ba kullum ABG ne mai laifi ba, kwalbar lab da aka ɗiga wa jini kaɗan ko aka bari a buɗe iskarta na guduwa ta ba da lamba ƙasa, jini mai kitse sosai ma yana rikita wasu injinan lab.

Tunda pH a saman goma yake zaune a lissafin, ƙaramin kuskure a cikinsa girma yake yi. Zamewar 0.05 kawai tana canza baikabonet da kusan kashi 12 cikin ɗari, 24 ta koma 27 ko 21, kuma 0.05 ɗin nan milibolt 3 ne a gilashi. Kuskuren PCO2 shi kuma kai tsaye yake wucewa, kashi goma a can kashi goma a nan.

Amma gaskiya mafi yawan ɓarnar ba a cikin na'ura take faruwa ba, a sirinji ne, kuma wadda ta fi damuna ita ce ta hefarin, maganin da ke hana jinin daskarewa. Inda babu sirinjin ABG na musamman mai busasshen hefarin, abin da ake yi shi ne a zuƙi hefarin na ruwa a sirinji na yau da kullum a wanke cikinsa a fesar. In ba a fesar da shi tas ba, ko aka samu jini ɗan kaɗan don jijiyar ta yi wuya, sai ruwan ya tsarma jinin. Ruwan hefarin kusan babu kabon dayoksaid a cikinsa, saboda haka PCO2 ya faɗi, baikabonet na gaske ma ya tsarmu, amma tunda sama da ƙasan rabon tare suka ragu pH kusan ba ya motsi. A ce kashi goma na abin da ke sirinjin hefarin ne, mutum lafiyayye zai fito da pH wajen 7.40, PCO2 wajen 36, baikabonet wajen 21 da rabi. In tsarmin ya fi haka sai takarda ta yi kama da ta mai asid a jini wanda huhunsa ya rama masa, cuta sukutum da babu ita. Alamar da ke tona asirin ita ce in na'urar na auna kalsiyom, za ka ga ya faɗi ƙasa ba dalili don hefarin na kama shi, fotasiyom ma ya ɗan sauka, majinyacin kuma in ka kalle shi numfashinsa ƙalau.

Kumfar iska ita ma haka. Iskar ɗaki PCO2 ɗinta bai kai 1 ba, PO2 kuma wajen 150, to duk kumfar da aka bari a sirinji tana jan kabon dayoksaid daga jinin, pH ya hau, PO2 kuma ya nufi 150 ko daga sama yake ko daga ƙasa, wanda ke nufin mai ƙarancin oksijin zai fito kamar ya fi yanda yake. Da an zare allura a ɗaga sirinjin sama, a ɗan ƙwanƙwasa, a fitar da kumfar, a toshe bakin, a murza shi tsakanin tafin hannu don hefarin ya gauraya. Jinkiri kuma akasin haka yake yi, ƙwayoyin jini suna da rai suna ci gaba da cin oksijin da suga, PO2 ya sauka, PCO2 ya hau, pH ya sauka. A sirinjin roba ƙa'idar ita ce a auna cikin minti 30 ba tare da ƙanƙara ba, in kuma fararen ƙwayoyin jinin majinyacin sun yi yawa sosai to nan take. Wannan yana da nauyi a wurinmu inda wani lokaci sai ɗan uwan majinyaci ya hau babur da sirinji ya kai wani wurin da ke da na'ura, ga zafin rana ga cunkoso. Su kansu katirij da yawa a firij ake ajiye su tsakanin digiri 2 da 8, wasu ƙananan na'urorin hannu kuma in zafin ɗaki ya wuce 30 ƙin aiki suke yi, saboda haka wuta da sanyin ɗaki suna cikin ingancin sakamakon kamar yanda hannun mai ɗiban jinin yake ciki.

Sauran lambobin ƙasan takardar, irinsu HCO3-std da BE wato base excess, su ma duk daga pH da PCO2 ɗin nan suka fito, wani lokaci da himogulobin. Na farkon yana cewa ne da a ce PCO2 na mutumin nan 40 ne da baikabonet ɗinsa kaza zai zama, wato an cire hannun huhu a lissafi. Yana da amfaninsa, amma in za ka yi ƙa'idar Winters ko ka lissafa tazarar gishirin jini wato anion gap to na ainihi za ka ɗauka, wanda wasu na'urori ke rubutawa HCO3-act, don a majinyaci irin yaron can mai PCO2 20 lambobin biyu sukan bambanta da maki biyu ko fiye, kuma ɗaukar wanda ba shi ba yana iya sa ka ce huhunsa na ramawa daidai alhali ya fara gazawa.